Wasan Haruffa Da Ke Katse Tunanin Dare

Akwai masu kwanciya a gajiye liƙis, ido na yaji, amma da zarar kai ya taɓa matashi sai zuciya ta buɗe sabon shafi. Kuɗin makarantar yara ya zo, daga shi sai bashin da ba a biya ba, sai wata magana da aka yaɓa wa mutum da rana da amsar da ya kamata a ce ya mayar. Kowane tunani yana jan na bayansa, har ƙarfe biyun dare ta yi mutum yana ta saƙa da warwara.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya cire komai daga ransa, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya umarci mutane da kada su tuna wata farar dabba, sai ga shi ita ce ke ta faɗo musu a rai. Dalilin a fili yake: duk wanda ke gadin kansa kada ya tuna abu, dole ya riƙa leƙawa ya ga ko ya tuna, leƙen nan kuwa shi ne tunawar. Zuciya ba ta zama fayau don an ba ta umarni. Abin da ake iya yi shi ne a ba ta wani aiki da zai cike gurbin damuwar, amma marar nauyin da zai hana barci.

A 2002 Allison Harvey da Suzanna Payne na Jami'ar Oxford suka gwada wannan a kan masu fama da rashin barci. Wasu an ce su surranta wani wuri mai daɗi a ransu, kamar inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse, su shiga cikinsa sosai. Wasu an ce su kawar da hankalinsu ta kowace hanya suka ga dama, sauran kuma ba a ce musu komai ba. Masu surranta hoto sun ce barci ya ɗauke su da wuri, da kimanin minti 20 a kan yadda suka saba. Sauran ba su samu wannan sauƙi ba. Damuwar dare yawanci magana ce mutum ke yi da kansa, hoto kuwa yana tare wurin da maganar ke buƙata.

Wani masanin ayyukan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Simon Fraser da ke Kanada, Luc Beaudoin, ya ƙara wani mataki a kan haka. Ya lura cewa gab da barci tunanin mutum yakan wargaje da kansa: fuskar wani ta gifta, sai wata hanya, sai wani abu da bai da haɗi da su. Tunani mai tsari kuwa, irin na lissafi da shirin gobe, alama ce ga ƙwaƙwalwa cewa akwai sauran aiki, don haka ta ci gaba da zama a farke. Sai ya ce me zai hana mutum ya kwaikwayi wancan wargajewar da gangan, ya gauraya tunaninsa kamar yadda ake gauraya karta kafin a raba?

Ga yadda ake yi. Bayan ka yi addu'o'inka na kwanciya, ka kashe fitila, ka ajiye waya, sai ka zaɓi kalma mai haruffa biyar ko fiye, wadda ba ta tayar maka da komai a rai, kuma harafi bai maimaitu a cikinta ba. A ce ka ɗauki "gulbi". Ka fara da G. Gwanda: ka gan ta a yanke, jan cikinta da baƙaƙen 'ya'yanta, na daƙiƙa biyar zuwa goma, sai ka sake ta. Gyale: ka ga launinsa yana shanye a kan igiya. Guga, gatari, gauraka. In G ta ƙare maka, ko ka gaji da ita, ka koma U: ungulu a kan rufin mahauta. In ba ka samu wata ba, kada ka tsaya nema, ka wuce L: ludayi, laima, lalle a tafin hannu. Haka har B da I. In ka kai ƙarshe idonka biyu, ka ɗauki wata kalmar.

Abu biyu ne ke riƙe da wasan. Na farko, ka ga abin da idon zuci, ba ka ambaci sunansa kawai ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, kada hotunan su haɗu su zama labari. Nan ne akasarin mutane ke zamewa. Manomi ya zo kan G ya ce garma, garma ta kai shi gona, gona ta tuna masa tsadar taki, kafin ya ankara ya dawo kan bashin da yake gudu. Alamar zamewa ita ce ka ji ka daina gani ka koma magana, kana cewa "da na sani" ko "gobe sai na". In haka ta faru ba sai ka yi faɗa da kanka ba. Ka bar harafin, ka shiga na gaba. Shi ya sa ya fi kyau ka kauce wa kayan sana'arka da sunayen mutanen da kake da wata matsala da su. Kada kuma ka mai da shi gasa, kana ƙirga kalmomi nawa ka samu. Alamar yana aiki ita ce ka fara mance harafin da kake kai, ko wani hoto da ba kai ka kira shi ba ya faɗo. Kada ka gyara, barcin ne ya ƙaraso.

Sai dai a san iyakarsa. Binciken da Beaudoin da abokan aikinsa suka gabatar a 2016 an yi shi ne a kan ɗaliban jami'a 154, kuma abin da ɗaliban suka faɗa da bakinsu aka dogara da shi. Shi kansa yana da manhajar waya da ya gina a kan dabarar. Don haka hujjar ba ta kai ta ingantaccen magani ba, ko da yake gwadawa ba ta cin ko sisi kuma ba a san ta da wata illa ba.

Wasan tunani yake katsewa, ba ya magance abin da ke cikin jiki. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri bayan isha'i, rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jininsa bayan kamar awa biyar, kuma babu harafin da zai fitar da shi. Haka zafi da sauro da ciwo. In ka yi kamar minti 20 kana juyi, ka tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske har sai gyangyaɗi ya zo, sannan ka koma shimfiɗa.

Wanda kuwa rashin barci ke damunsa dare uku ko fiye a mako har tsawon wata uku, ko iyalinsa ke cewa yana minshari mai ƙarfi numfashinsa na ɗaukewa, ko baƙin ciki ya zauna masa dare da rana, to lamarinsa ya wuce wasan haruffa. Ya je asibiti ya ga likita, kada ya tsaya sayen ƙwayar barci a kemis.