In an rufe sunaye, ana gane tsoho da yaro a labarinka?

Matasan da ke rubuta gajerun labarai da wasannin bidiyo a Maraɗi da Damagaram sun yawaita, amma akwai ciwo ɗaya da yawancin rubutun ke fama da shi: kowa a cikin labarin baki ɗaya gare shi. Tsoho, ɗan lakwal da mai gari duk suna magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Gwajin bai da wuya. Ka rufe sunayen masu magana, ka karanta wa wani da ƙarfi. In bai iya gaya maka wane ne babba ba, akwai sauran aiki.

Mu ɗauki misali. Saurayi ya dawo daga Aljeriya, yana so ya sayar da gonar da mahaifinsa ya bari a wani ƙauye kusa da Tasawa, ya sayi babur ya yi kabu-kabu. Gonar tana hannun ƙanen mahaifin. Sabon marubuci yakan rubuta haka:

"Ina so in sayar da gonata saboda ina da haƙƙi a kanta."

"Ban yarda ba, domin gona tana da muhimmanci ga iyali."

Nahawu daidai ne, amma ba a zauren Bahaushe aka yi wannan zancen ba. Yaron da ya buɗe baki da "gonata" gaban baban da ya riƙe shi ya riga ya yi rashin kunya, kuma in ba haka marubucin yake nufi ba, ya ɓata halin yaron bai sani ba. Ga yadda kunne zai fi yarda:

"Baba, dama cewa na yi, batun wurin nan na marigayi, na yamma da rijiya."

"Ina jin ka."

"Wani ne ya yi mini magana. Ya ce zai ba da jika ɗari takwas."

"To, madalla. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba."

"Hatsi na tsaye. A bari a yi kaka tukuna."

Yaron bai furta kalmar sayarwa ba, ya jingina zancen ga "wani". Tsohon kuma bai ce a'a ba, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san an hana. Tambayar abinci ita ce amsar. Ku lura da wanda ya fi yawan kalmomi: mai nema ne ke kewaye-kewaye, mai iko kuwa yana da damar gajarta magana da sauya ta. Marubuta da yawa suna juya wannan, su ba tsoho dogon jawabi cike da karin magana don a san tsoho ne. Karin magana ɗaya a wurin da ya dace ta isa. Uku a jere, ya zama maroƙi.

Suna ma yana da nasa ƙa'idodi. Uwar ƙauye ba ta kiran ɗanta na fari da sunansa, sai "wannan yaron" ko wani laƙabi. Mace ta ce "maigida" ko "Malam", ba sunan miji ba. In ka sa ta faɗi sunan gatsau, to ya zama da dalili, ko fushi, ko tana nuna ita ƴar zamani ce, kuma sai wani a ɗakin ya ji abin a jikinsa.

Wurin da aka fi zamewa shi ne ilimi. Ana ɗauka wanda ya yi lakwal sai a cika bakinsa da Faransanci a ko'ina. Ba haka mutane suke ba. Saurayin nan, in ya fito ya tarar da abokinsa a fada, zai ce: "Wala, tsoho ya ƙi, donk sai in koma." A gaban baban kuwa ya aje "donk" da "dakor" tare da takalmansa a ƙofar zaure. Ranar da Faransanci ya kuɓuce masa a gaban tsohon, mai karatu ya gane rai ya ɓaci. Shi ma tsohon yana da kalmomin aro, sai dai sun daɗe da zama Hausa a bakinsa: lakwal, mushe, jandarma. Kuɗi kuwa da dala da jika ake lissafa su. Tsohuwa mai ƙosai ba ta cewa faran ɗari, dala ashirin take cewa.

Sai karin harshe. Mutumin Tawa yana cewa "mi" da "ɗiya" da "tahi", inda littattafan Kano ke rubuta "me" da "ƴa" da "tafi". Ba dole a rubuta kowace kalma yadda take fita ba, don mai karatu a Agadas ko Akkara zai gaji. Kalma biyu ko uku da ba su sauyawa daga farko zuwa ƙarshe sun isa a san garin mutum. Abin da ba ya yiwuwa shi ne tsohon Adar ya ce "tahi" a shafi na biyu, a shafi na biyar kuma a same shi yana "tafi" ba tare da ya taɓa zuwa Kano ba.