Jarka Shida a Bayan Kanta

Duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, bayan jaje da addu'a, magana ɗaya ce ke zagaya majalisu: kamfanonin inshora 'yan damfara ne, suna karɓar kuɗi da fara'a, ranar biya kuma su ɗaure fuska. A wata majalisa da na zauna kwanan baya, wani mai shagon kayan masarufi yana ba da labarin maƙwabcinsa da aka hana diyya. Na ce, "Alhaji, me yake ajiyewa a shagon?" Ya ce shinkafa, sukari, taliya, sabulu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Sai ɗan fetur da yake ajiyewa a baya. To wa ba ya ajiyewa yanzu?"

Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, jarka ta samu gurbi a shagunan da ba su san ta ba a da. Wani na tara na janareta kafin farashi ya sake hawa, wani kuma ya ga 'yan bumburutu na samu, ya ce bari ya taɓa. Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan "ɗan" da ake liƙa wa fetur, sai ka ce katan ɗin ashana aka ƙara a kan kanta.

Ranar da mai shago ya cike takardar neman inshora, an tambaye shi sana'ar da ake yi a wurin da irin kayan da ke ciki. A kan amsarsa aka yanka masa kuɗi. Abin da kamfani ya ɗauki nauyinsa ke nan: shagon shinkafa da sabulu. Ran da jarkoki suka shiga, lambar shagon ba ta sauya ba, allon da ke ƙofa yana nan, amma shagon da aka yi ciniki a kansa ya tafi. Kamar ka yi jinga da ɗan dako ya kai maka buhun gero, yana juya baya ka musanya shi da buhun siminti. Ko ka ɗauki mai gadin gida, washegari ka mayar da gidan rumbun gwal ba ka gaya masa ba, albashi kuma yana nan yadda yake. Ko likita ya rubuta maka magani bisa ciwon da ka faɗa, alhali ka ɓoye babban.

Shi ya sa takardun inshorar gobara suka saba ɗauke da wani sharaɗi, can cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa: idan aka sauya sana'a, ko yanayin wurin ya sauya ta yadda haɗarin gobara ya ƙaru, kariyar ta tsaya, sai in an nemi yardar kamfani kuma ya bayar a rubuce kafin asara ta auku.

Kuma fetur ya isa a kira shi sauyi. Mutane na tsoron ruwan, alhali tururin ne mugun. Fetur na fitar da tururin da ke kamawa da wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Kano cikin watan Afrilu, a shago mai rufin kwano da aka garƙame tun magariba. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fice. Ƙasa yake bi, ya kwanta ƙarƙashin kanta, ya ratsa bayan buhuna har ya isa wurin firiza. Kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar ɗakin ya wadatar, sai ɗan tartsatsin da na'urar firiza ke yi in an dawo da wuta cikin dare. Man gas bai kai haka saurin kamawa ba, shi ya sa tambayar farko da za a yi maka ita ce wane irin mai ne.

Wannan ma shi ke karya hujjar nan ta "ai daga wayar lantarki wutar ta tashi, ba daga man ba". Ƙila haka ne. Amma wutar da za ta tsaya a kwali biyu a kashe ta da bokiti, ita ce ta samu lita 150 ta lashe layi guda. Mai tantance asara da kamfani zai turo ba sabon shiga ba ne. Zai ga narkakkiyar robar jarka, ya ga mazurari, ya karanta rahoton 'yan kwana-kwana, maƙwabta kuma za su ba shi labari tun bai tambaya ba.

Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don a ga yadda lissafin ke tafiya. Mai shago ya yi wa kayan naira miliyan 10 inshora, yana biyan naira 50,000 a shekara. Wata shida da farawa sai ya yanke shawarar ajiye jarka shida masu cin lita 25. Kafin ya shigo da ko ɗaya, zai rubuta wa kamfanin wasiƙa mai ɗauke da lambar takardar inshorarsa. Ya faɗi irin man, da mafi yawan abin da zai taɓa ajiyewa a lokaci guda, ba abin da ke nan yau ba. Ya faɗi mazubin, da inda zai ajiye, da tazararsa da janareta da mita. Ya kuma faɗi ko na amfanin shago ne ko na sayarwa, domin mai sayarwa na buɗe jarka sau talatin a wuni, kowace buɗewa kuwa tururi ne. Sannan ya sa a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa.

Kamfani na iya turo mai dubawa, daga nan ya ce ya yarda da ƙarin kuɗi. In kuɗin shekara ya koma naira 80,000, bambancin 30,000 ne, kuma tunda wata shida ya rage, 15,000 zai cika. Yana iya gindaya sharuɗɗa: a fitar da man zuwa wani ɗaki daban mai shan iska, a rataya tukunyar kashe gobara mai hoda, a ajiye bokitin yashi, tunda fetur kan ruwa yake yawo. Yana kuma iya cewa sam bai ɗauka ba. Ko wannan amsar ta fi shiru, don aƙalla mutum ya san ba shi da rufin asiri tun wuta ba ta gaya masa ba. In an amince, sai an ba shi takardar ƙari da ma'aikatan inshora ke kira endosmen, ya haɗa ta da ta asali, kuma iyakar litar da aka rubuta ciki ita ce iyakarsa.

Inda aka fi zamewa shi ne wurin wakili. "Na gaya wa yaron da ke zuwa karɓar kuɗi, ya ce ba komai." Ranar da aka yi toka, yaron ya bar aikin ko ya manta, kuma "ba komai" ba ta da lamba balle hatimi. Masu takaful ma kada su ɗauka sun tsira. Can asusun na mahalarta ne gaba ɗaya, wanda ya ɓoye jarkokinsa 'yan uwansa ya ɗora wa kaya ba da saninsu ba.

Ban wanke kamfanonin ba. Sharaɗin da zai iya hana mutum miliyoyi bai kamata ya ɓuya a shafi na huɗu cikin Turancin lauyoyi ba, kuma NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, tana da ikon matsa musu su yi bayaninsa da harshen kasuwa. In an hana mutum diyya kan sauyin da ba shi da alaƙa da haɗarin, yana da damar kai kuka gare ta. Sai dai yardar kamfanin inshora ba lasisi ba ce. Izinin ajiye fetur don sayarwa na hannun hukumar NMDPRA, kuma duk wanda ya bi bakin titi a garuruwanmu ya san yawan jarkokin da jami'anta ke wucewa kullum a hanyarsu ta zuwa ofis.

Da muka tashi daga majalisar, Alhaji ya raka ni har bakin shagonsa. Bayan buhunan sukari, taku biyu daga firiza, na ƙirga jarka huɗu.