Dalilan Jin Ƙululu A Maƙogwaro Alhali Babu Komai

Ɗan kasuwar da ya wuni cikin ƙurar hunturu a Taminus da ke Jos yana kiran masu saye, kan ji kamar wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Galibi tsokar wurin ce ta ɗaure, saboda bushewa, damuwa, ko ruwan ciki mai tsami da ke tasowa idan an kwanta da ƙoshi. Yawan gyaran murya ƙara tsananta shi yake yi, gara a riƙa kurɓar ruwa.

Matuƙar abinci yana wucewa lafiya, har ƙululun ya lafa yayin ci, yawanci babu abin fargaba. Amma idan loma tana maƙalewa, ko ana ramewa, ko murya ta dashe fiye da mako 3, sai a ga likitan maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.