Takardar miƙa aiki a ɗakin haihuwa: abin da ungozoma ke bar wa mai karɓar ta

Duk wanda ya taɓa jinyar mai naƙuda a asibiti ya san lokacin da ma'aikata ke canji. Wajen ƙarfe tara na dare za a ga ungozomar yamma da ta dare sun tsaya a gindin gado suna duba fayil, suna magana ƙasa-ƙasa, 'yan uwa kuwa suna waje suna ƙorafin an bar musu yarinya ana hira. Ba hira suke ba. Naƙudar cikin fari takan wuce awa goma sha biyu, ungozoma ɗaya kuwa ba ta kaiwa haka a bakin aiki, saboda haka sau da yawa wadda ta karɓi mace ba ita ke karɓar jaririn ba. Duk abin da ta farko ta gani da idonta, ta ji da hannunta, in bai shiga takarda ba ya bi ta gida.

Abin da nake so mai karatu ya gane shi ne, naƙuda tafiya ce, kuma lamba ɗaya ba ta faɗin ko ana gaba ko an tsaya. Idan aka rubuta cewa bakin mahaifa ya buɗe santimita 6, ba a ce komai ba tukuna. Matar da take santimita 4 awa ɗaya da ta wuce, yanzu tana 6, haihuwarta na tafe da sauri. Matar da take kan 6 tun la'asar har bayan isha, wataƙila kan jaririn ya maƙale. Lambarsu ɗaya, amma ɗaya tawul za a shirya mata, ɗayar likita za a kira mata. Shi ya sa takardar kirki ba ta ajiye lamba sai da lokacinta, da kuma lambar da ta gabace ta.

Bari mu ɗauki misali, wanda na tsara shi daga irin abin da ake gani kullum a babban asibiti. A Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan, a Nijar da Faransanci, cike da gajerun haruffa. Ga ma'anarta da Hausa:

"Gado na 3. Shekara 19, cikin fari, sati 39. Tana santimita 6 da ƙarfe 8:00 na dare, ci gaban ya yi jinkiri, likita ya sani. Ta zo 4:00 na yamma tana santimita 5. Faya ta fashe a gida wajen 5:00 na asuba, ruwan fari ne har yanzu. Ta sha maganin gargajiya da rana. Kan jariri kashi 3 cikin 5 a sama da 4:00, haka yake da 8:00, ƙasusuwan kai sun fara hawa juna. Ciwo sau 4 cikin minti 10, kowanne daƙiƙa 45. Bugun zuciyar jariri 140 da 4:00, 148 da 6:00, 156 da 8:30. Awon jini 120/80, zafin jiki 37.2 da 8:00. Fitsarin ƙarshe 5:30. An sa kanula, ruwa na tafiya, ba a sa oksitosin ba. Likita ya gani 8:10: a sake dubawa 10:00, in babu canji a kira shi, a shirya tiyata. An ɗibi jini don gwaji, sakamako bai fito ba, miji yana wajen lab."

Ba ta kai layi goma sha biyu ba a fayil, kuma jerin nata ba kara-zube ba ne. Ana fara wa da halin da ake ciki yanzu, sai tarihin da ya shafi wannan halin, sai abin da awo ya nuna, sai abin da za a yi da lokacin yin sa. Ma'aikatan lafiya a ƙasashe da yawa suna kiran wannan tsari SBAR. Dalilinsa mai sauƙi ne: ungozomar dare tana iya karɓar mata biyar ko shida lokaci guda, kuma ana iya ƙwala mata kira kafin ta gama karatu. In layin farko kaɗai ta samu ta karanta, ya kamata ta riga ta san cewa gado na 3 ba na bari ba ne.

Yanzu mu bi abin da ƙwararriyar ungozoma za ta karanto daga ciki. Santimita ɗaya cikin awa huɗu, shi kaɗai, bai isa a tayar da hankali ba. Tsohuwar takardar bin naƙuda, wato fatogiraf, wadda Philpott da Castle suka ɓullo da layukanta a 1972 a ƙasar da yau ake kira Zimbabwe, tana sa ran santimita ɗaya kowace awa. Tana da layin gargaɗi, da layin ɗaukar mataki awa huɗu bayansa, kuma a kanta wannan yarinya ta ƙetare na farko, saura awa ɗaya ta taɓa na biyu. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mata da yawa masu lafiya ba sa wannan saurin. A 2018 ta ce naƙuda mai ƙarfi daga santimita 5 take farawa, a 2020 kuma ta fitar da sabuwar takarda da ta ba wa kowace santimita wa'adinta: awa shida a kan 5, awa biyar a kan 6, awa uku a kan 7. A wannan ma'auni yarinyar ba ta makara ba.

To me ya sa likita ke zancen tiyata? Saboda abubuwa uku da aka rubuta kusa da juna. Ciwon yana da ƙarfi, sau huɗu cikin minti goma, ke nan ba mahaifa ce ta yi sanyi ba. Kan jaririn bai sauko ba. Ungozoma takan ɗora yatsu biyar a mara ta ga nawa ne kan ya cika a saman ƙashin ƙugu, kuma uku ne da yamma, uku ne da dare. Sannan ƙasusuwan kan sun fara hawa juna, alamar ana matsa shi a hanyar da ta yi masa kaɗan. Mahaifa na turawa da ƙarfi, kai bai motsa ba, yana kuma matsewa: wannan shi ne farkon naƙudar da ke toshewa. In aka bar ta ta kwana a haka, kan yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, kuma daga nan ake samun yoyon fitsarin da ke kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina. Jaririn ma sau da yawa ba ya rayuwa.

A nan ne ɗan layin nan na "ba a sa oksitosin ba" yake da nauyi. Oksitosin ita ce allurar da ake zubawa cikin ƙarin ruwa don ƙara ƙarfin naƙuda. Ungozomar da ta tarar da ruwa a rataye dole ta san ko akwai magani a ciki, nawa ne, ɗigo nawa ne a minti, tun yaushe. In kuma takardar ta ce "naƙuda na jinkiri" kawai ta yi shiru, mai karɓa tana iya tunanin ƙara wa ciwon ƙarfi, alhali hanya a toshe take, abin da kan iya fasa mahaifa. Haka maganin gargajiyar da ta sha. Ba don a ci mutuncin kakarta aka rubuta shi ba. Wasu jiƙe-jiƙen suna tsananta ciwon, kuma mai lura da ita tana bukatar sanin haka. Ina roƙon masu jinya su riƙa faɗin gaskiya a kan wannan, su kuma ungozomomi su riƙa tambaya ba da faɗa ba, domin tsawa ce ke sa a ɓoye.

Bugun zuciyar jaririn ma darasi ne. Daga 110 zuwa ƙasa da 160 a minti shi ne lafiya, don haka 156 bai fita iyaka ba. Da an rubuta "bugun zuciya lafiya lau" ba a yi ƙarya ba. Amma 140, 148, 156 a jere hawa ne, kuma mai karɓa za ta ɗauki abin saurarenta ta nufi gadon nan kafin kowane. A wannan mataki ana saurare duk rabin awa, in an fara yunƙuri kuma duk minti biyar. Za ta kuma dubi launin ruwan da ke fita, domin in ya koma kore mai kauri, jaririn ya yi kashi a ciki, wanda kan zama alamar wahala.

Lokacin fashewar faya agogo ne na daban. Da zarar ta fashe ƙwayoyin cuta sun samu hanya, kuma a asibitoci da yawa in an kai awa 18 ba a haihu ba ana fara maganin kashe su. Daga 5:00 na asuba, awa 18 na cika ƙarfe 11:00 na dare, a hannun mai aikin dare, wadda ba ta nan lokacin da aka yi tambayar. Saboda wannan haɗarin ne ma ba a yawan sa hannu a duba bakin mahaifa. Duk awa huɗu ne sai da dalili. Takarda mai kyau tana hutar da mace daga dubawar da ba ta zama dole ba, don sabuwar ungozoma ba ta bukatar sake yi domin kawai ta san inda aka kwana. Fitsarin 5:30 kuwa yana nufin an haura awa uku, kuma cikakkiyar mafitsara tana iya hana kai saukowa, sai a sa ta ta yi, in ta kasa a sa mata roba.

Inda aka fi samun ɓaraka, a ganina, shi ne layin ƙarshe. "A ci gaba da lura" ita ce jimlar da ta fi yawa a fayil, kuma ba ta ɗora wa kowa komai. "A sake dubawa 10:00, in babu canji a kira likita" ta faɗi aiki, da lokaci, da sharaɗi, da wanda za a nema. Haka abin da aka fara ba a gama ba: jinin da aka aika lab bai dawo ba, in ba a rubuta ba, mai dare za ta ɗauka an gama, sai an tura gado ƙofar tiyata a gane babu jini a ajiye. A ƙaramin asibitin da ba a tiyata, wannan layi yana ɗaukar wasu tambayoyin: ina za a tura ta, akwai mota, an gaya wa mijin ya nemo kuɗin mai, wa zai sa hannu in ba ya nan. Yarinyar misalinmu, da a irin wannan wuri take, ba za a jira ƙarfe goma ba. Da takwas ɗin za a fara shirin tafiya, kuma takardar ta bi ta.

Takarda tana da iyakarta. Ungozoma ɗaya da ke kan mata da yawa wani lokaci takan cike fatogiraf bayan an haihu, lambobin su fito sumul, duk rabin awa 140. Mai karɓa da ta san aiki takan yi shakkar irin wannan kyau, domin zuciyar jariri ba ta tsayawa a lamba ɗaya. Gara gurbi a buɗe da aka rubuta "ban samu saurare ba daga 6:30 zuwa 7:30, ina karɓar haihuwa a gado na 1". Shi ya sa kuma ake miƙa aikin a gindin gado maimakon a tebur: su biyun su saurari bugun tare, su dubi ruwan da ke rataye, mai tafiya ta ce wa yarinyar, "Ƙanwata, ga Sista nan, ita za ta kwana da ke, da ƙarfe goma za ta sake duba ki." Sai mai karɓa ta sa hannu, ta rubuta lokaci, daga nan gado na 3 ya zama nata.