Kyamarar da ke mutuwa da magariba

Masu haɗa kyamarorin tsaro sun san wannan ƙorafi sarai. Mai gida zai kira ya ce kyamarar bakin ƙofa tana aiki lafiya lau tun safe, amma da zarar an yi sallar magariba sai hoto ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, haka har gari ya waye. Wasu sukan zargi maigadi, wasu su ce kyamarar ce jabu, su sayo sabuwa, ita ma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya. Sau da yawa laifin yana cikin wayar da aka ja daga suwic zuwa kyamarar, wadda ba wanda ya sake waiwayarta tun ranar da aka cusa ta cikin silin.

Wayar Itanet, wadda ake rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinta, tana ɗauke da siraran wayoyi takwas da aka murɗe bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Murɗin nan shi ke hana saƙon da ke bin wani tagwai kutsawa cikin na kusa da shi. A tsarin da ake kira PoE, wayar ɗaya ce ke kai wa kyamara wuta kuma ta dawo da hoto, don haka duk wani aibi da ke jikinta yana iya taɓa hoton, ko wutar, ko duka biyun.

Ƙa'idar tsawo ita ce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura, kuma masu tsara ƙa'idar sun raba ta gida biyu: mita 90 na wayar da aka binne a bango ko silin, sai mita 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne an yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 20. Idan waya ta ɗau zafi, saƙo yana saurin raunana a cikinta, har mita 90 ɗin kan koma kimanin 84 a digiri 40, ya sauko wajen 75 a digiri 60. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin rufin kwano a Kano ko Sakkwato da azahar a watan Afrilu ya san wannan lissafi ya shafe shi kai tsaye. Wayar da ta zarce iyaka kuma ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana iya yin wata da watanni tana aiki, sai dai ba ta da sauran rara, ƙaramin abu ya isa ya kayar da ita.

A ɗauki misalin wani sito mai faɗi, inda aka kafa kyamara mai juyawa a bakin babbar ƙofa, tazarar mita 130 daga ofishin da suwic yake. Takardar kyamarar ta ce tana iya cin wat 25 idan fitilunta na ganin dare sun kama, da rana kuwa wajen wat 12 ya ishe ta. Suwic ɗin yana bin ƙa'idar 802.3at ta shekarar 2009, wadda ke ba kowace kafa wat 30, da sharaɗin wat 25.5 zai isa ga na'ura, sauran an bar wa waya ta ci. Ƙa'idar da ta gabace ta, 802.3af ta 2003, wat 15.4 kawai take bayarwa, 12.95 ya isa can. A takarda dai komai ya yi daidai.

Matsalar tana cikin kwalin wayar da aka saya. Akwai waya mai araha a kasuwa da ake kira CCA, wato alminiyom ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Ido ba ya bambanta ta da ta gaske, amma turjiyarta ga wuta ta fi ta jan ƙarfe zalla da fiye da rabi. A tsawon mita 130, idan wuta ta tafi ta tagwai ɗaya ta dawo ta wani, wayar jan ƙarfe za ta ba da turjiya kimanin om 12, ta alminiyom kuwa wajen om 19.

A ce suwic yana fitar da bolt 52. Da rana, kyamara na jan kusan rubu'in amfiya, wayar alminiyom ta ci wat ɗaya da ɗan ɗoriya, jimilla wat 13, ba wanda zai lura da komai. Da duhu ya shiga fitilu suka kama, sai jan wutar ya haura amfiya 0.6. Asarar da ke cikin waya ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da jan wutar: idan wutar ta ninka biyu, asarar ninki huɗu take yi. Yanzu wayar kaɗai tana cinye fiye da wat 7, ta mayar da shi zafi a cikin silin, kuma abin da ake nema daga suwic ya kai wat 32, ya zarce 30 ɗin da aka yarje masa. Sai ya yanke wutar kafar don ya kare kansa. Kyamara ta mutu, ta sake tashi, ta ga duhu, ta kunna fitilu, a sake yanke ta. Da jan ƙarfe zalla aka ja, asarar ba za ta kai wat 4 ba, jimillar ta tsaya ƙasa da 29, kyamarar ta kwana tana aiki, ko da yake tsawon ya riga ya saɓa ƙa'ida.

Tabbatar da wannan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Mai gyara zai iya shiga saitin kyamarar da rana tsaka ya tilasta mata yanayin dare. Idan ta faɗi nan take, wuta ce ba ta isa. Daga nan ya kwance ta ya kawo ta kusa da suwic, ya jona da waya mai mita biyu, ya maimaita gwajin. In ta tsaya daram, an wanke kyamara, an kama waya. In kuma kyamarori da yawa ne ke faɗuwa tare da magariba, sai a duba jimillar wutar da suwic ɗin ke iya bayarwa, domin mai kafa takwas da aka rubuta wa wat 120 ba zai iya ba kowace kafa 30 a lokaci guda ba. Ita kuwa wayar, a fere bakinta a kankare da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyom ce.

Aibi na biyu ya fi wannan ɓoyewa, domin ba ya kashe komai, sai dai ya rage gudu. Duk lokacin da aka jona na'urori biyu, sukan yi ɗan ciniki a tsakaninsu, kowace ta faɗi gudun da take iyawa, su tsaya a kan mafi girma da suka yi tarayya a kai. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake buƙata, ruwan lemo da kore, waɗanda ke kan fil na 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa sai da duka huɗun. Saboda haka idan ɓera ya ci shuɗin, ko fil na 8 bai kama da kyau ba lokacin da aka matse kan RJ45, na'urori da yawa sukan gwada gigabit su kasa, su sauko 100 shiru, fitila tana nan a kunne kamar ba abin da ya faru.

A nan ma akwai inda ake ruɗewa. Yawancin kyamarori kafarsu ta megabit 100 ce tun daga masana'anta, kuma hoton kyamara ɗaya bai cika wuce 'yan megabit ba, don haka ganin 100 a kafar kyamara ba alamar ciwo ba ne. Inda ya kamata a sa ido shi ne wayar da ta haɗa suwic da na'urar naɗar hoto, wadda ke ɗauke da kayan kowa. Kyamarori goma sha shida, kowace tana turo megabit 8, sun tara 128. Idan wannan wayar ta faɗo 100, hotuna za su riƙa daskarewa ko'ina, mai gida ya ɗauka duk kyamarorin ne suka lalace. A kwamfuta mai Linux ana ganin abin da aka daidaita a kai da wannan umarni:

```
ethtool eth0
```

Layin `Speed` zai nuna gudun, layin `Duplex` kuma ya nuna ko bakin biyu suna iya aika saƙo a lokaci guda. Wasu masu gyara, da sun ga gudu yana hawa da sauka, sai su ɗaure baki ɗaya da hannu a kan 100 `Full` su bar ɗayan a kan `Auto`. Wannan kuskure ne. Bakin da aka bari zai gane gudun, amma tunda ba a yi ciniki da shi ba sai ya zaɓi `Half`, saƙonni su riƙa karo, hanya ta yi nauyi fiye da da. Ko dai a bar duka biyun su yi cinikinsu, ko a ɗaure su iri ɗaya.

Ƙaramar testar nan mai fitilu takwas tana da amfani wajen kama wayar da ta tsinke ko ta sauya gurbi, amma akwai aibin da ba ta gani. Idan mai haɗawa ya jera wayoyin yadda ya ga dama, iri ɗaya a bakin biyu, fitilu takwas za su kama a jere, alhali fil na 3 da na 6 ba daga tagwai ɗaya suka fito ba, an raba abokan murɗi. Irin wannan waya tana iya aiki a mita biyar ta gaza a mita sittin. Jerin T568B, wanda aka fi amfani da shi, yana farawa da fari mai ratsin lemo, sai lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, a rufe da ruwan ƙasa. Kada kuma a warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kan.

Shi wancan sito, gyaransa na gaskiya shi ne a cire wayar alminiyom a ja ta jan ƙarfe, a raba tazarar biyu da ƙaramin suwic a wajen mita 65, mai wutarsa ta kansa, domin kowane suwic yana sabunta saƙo, ƙirgen mita 100 ya fara daga farko. Wasu suwic suna da maɓallin `Extend` da ke kai saƙo har mita 250 ta hanyar sauke gudu zuwa megabit 10. Yana iya fid da kyamara ɗaya mai ƙaramin hoto, amma ba ya rage asarar wuta ko kaɗan, don haka ba zai ceci wadda ke mutuwa da magariba ba. Idan kuwa gini biyu za a haɗa ta tsakar fili, faiba ta fi dacewa, tunda gilashi ba ya ɗauko wutar tsawa ya kawo cikin ofis da damina.

Mai shirin sa kyamara a gidansa ko shagonsa, kafin ya biya kuɗin waya, ya sa a kankare bakinta a gabansa. Galibin wayoyin suna da lambar tsawo da aka buga a jikin roba. Ya karanta ta bakin suwic da ta bakin kyamara, bambancinsu shi ne ainihin tsawon da aka ja. Kuma kada ya sallami mai aikin sai ya ga kowace kyamara ta yi dare guda cur da fitilunta a kunne.