Makin da Ya Zame a Takardar Jarrabawa

A shagunan buga takardu, da hoton waya malamai ke kawo tambayoyin jarrabawa. Mai bugu da ya san aikinsa yakan fara duba ko gefen dama na takardar ya fito a hoton, domin can makin kowace tambaya ke zaune, kuma can kyamara ta fi yankewa.

A ɗauki tambaya ta 3, mai (a) da (b), (b) kuma ta rabu (i) da (ii). Malami ya ba (a) maki 4, (i) maki 2, (ii) maki 6. Idan takardar ta karkace a hoto, sai 6 ya haura layin (i), ɗalibi ya ɓata lokacinsa kan ƙaramar tambaya. Jimilla ba za ta tona wannan ba, tana nan 12, sai an bi layi-layi da hoton.

Word ma da nasa karambanin: yana ci gaba da lamba da kansa, yana mayar da (c) ta koma ©. Danna `Ctrl+Z` nan take yana dawo da ita. Maki kuwa, a kafa masa `Right Tab` a gefen dama. Wanda ya tura shi da tazara, ranar da aka canja girman rubutu zai ga ya watse.