Layin haraji a takardar biyan kuɗi: yadda za a rubuta shi mai saye ya gane

Yawancin gardamar da ake yi tsakanin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa a kan haraji daga layi ɗaya take tasowa. An yi ciniki an daidaita a kan naira 200,000, sai saƙo ya shigo waya ana neman 215,000, a ƙasa an rubuta "Haraji: 15,000" kawai. Mai saye bai san harajin mene ne ba, bai san yadda aka lissafa shi ba, don haka abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an yi masa ƙari.

Harajin da ake nufi shi ne wanda ake rubutawa VAT a takarda. A Najeriya an fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Mai saye ne ke biya, ɗan kasuwa ya karɓa a madadin gwamnati, ya miƙa lissafinsa ga hukumar tara haraji ta tarayya zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, kuma layin harajin ne wurin da ya dace a sanar da su.

Mu ɗauki kamfanin da ya sayar wa wani kujerun ofis. Ga yadda ya kamata saƙon ya fito:

Kuɗin kujeru: ₦200,000
VAT, kashi 7.5 na ₦200,000: ₦15,000
Jimillar abin biya: ₦215,000
VAT harajin gwamnati ne da doka ta ce mu karɓa mu miƙa, ba ya cikin ribarmu.

Yanzu layin ya faɗi sunan harajin, da kashinsa, da kuɗin da aka ɗora shi a kai. Duk mai kalkuleta a waya zai iya gwadawa da kansa. Sai a haɗa da lambar harajin kamfanin, wato TIN, domin ita ce ke nuna kamfanin yana da rajista.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne farashin da harajin ke cikinsa tun farko. A ce an gaya wa mai saye 215,000 ne gaba ɗaya, har da haraji. Sai mai rubuta takarda ya cire kashi 7.5 daga 215,000, ya sami 16,125, ya rubuta shi a matsayin VAT. Wannan kuskure ne, domin a kan ainihin kuɗin kaya ake ɗora harajin, ba a kan jimilla ba. Hanyar ita ce a raba 215,000 da 1.075, sai 200,000 ta fito, ragowar 15,000 ita ce harajin. Gane kuskuren ba wuya: a ɗauki kuɗin kayan da aka rubuta, a lissafa kashi 7.5 ɗinsa, in bai zo daidai da abin da ke layin haraji ba, akwai gyara. A irin wannan takarda sai a rubuta ƙarara: "Jimilla ₦215,000, a ciki akwai VAT na ₦15,000." Kalmar "a ciki" ce ke hana mai saye zaton za a sake neman wani abu a wurinsa.

Haka kuma ba kowane kaya ake biya wa harajin ba. Kayan abinci na yau da kullum irin su shinkafa, da magunguna, da littattafan karatu, mai saye ba ya biyan VAT a kansu. Idan mutum ya sayi shinkafar 100,000 da lemon kwalba na 40,000, harajin lemon kaɗai ya hau, wato 3,000. Wanda ya ɗora kashi 7.5 a kan duka 140,000 zai karɓi 10,500, ya ci wa mutum 7,500 ba da hakki ba, ko da kuwa bai yi da gangan ba. Shi ya sa layin zai ce "VAT a kan lemon kwalba kawai", a gaban shinkafa kuma a rubuta "babu VAT".

A ganina, mafi muhimmanci shi ne kada takarda ta zama wurin da mai saye zai fara jin labarin harajin. Tun wajen ciniki a ce masa, "Alhaji, dubu ɗari biyu ne, ban da VAT." Kai kuma mai saye, duk takardar da aka turo maka da kalmar haraji tsurarta, ka nemi a rubuta maka kashi nawa ne, kuma a kan nawa aka ɗora shi, kafin ka tura kuɗinka.